Nazarin Lamari: Yadda Mai Kula da Sito Ya Sake Gina Takardar Neman Ƙarin Albashi a Kan Hujja

A yankin Kura, Bunkure da Garun Malam, inda ruwan madatsar Tiga ke shayar da gonakin noman rani na Kadawa, ƙananan kamfanonin casar shinkafa sun zama wurin aikin matasa da yawa waɗanda ba su da ƙungiya, ba su da tsarin matakan albashi, kuma mafi yawansu ba a taɓa ba su takardar ɗaukar aiki ba. Lamarin da zan yi nazarinsa ya shafi ɗaya daga cikinsu, wani magidanci mai kula da sito a wani kamfani mai ma'aikatan dindindin 18, ban da 'yan dako da mata masu shanya da ake biya a kullum. Na sakaya sunansa da sunan kamfanin, kuma na daidaita alƙaluman domin lissafin ya yi sauƙin bi. Albashinsa naira 60,000 ne a wata, bai motsa ba tun farkon shekarar 2023, kuma ya kawo mini takardarsa ta neman ƙari ne a matsayina na ƙanin mahaifiyarsa wanda ya daɗe yana aikin akawu, domin in gyara masa rubutu kafin ya miƙa ta ga mai kamfanin, wanda kowa a wurin ke kira Alhaji.

Rubutun ba shi da aibin da za a gyara. Matsalar tana cikin abin da takardar ta dogara a kai. Ta fara da doguwar gaisuwa da godiya, sannan ta shiga bayanin tsadar rayuwa: kuɗin man babur, kuɗin makarantar yara uku, rashin lafiyar mahaifiya, da bashin mai shago. Daga nan ta ce gwamnati ta mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 alhali shi yana ƙasa da haka, ta ambaci cewa mai tuƙa injin yana karɓar 95,000 kuma bai fi shi wahala ba, ta yi nuni da cewa akwai masu nemansa a wani wuri, ta kuma rufe da wannan jimla: "Ina roƙon Alhaji ya duba ni da idon rahama, ya ƙara mini duk abin da Allah ya hore." Duk abin da ke ciki gaskiya ne ko kusa da gaskiya, kuma ba na ganin abin kunya ga magidanci ya faɗi cewa abin da yake samu ba ya kai shi ƙarshen wata. Amma a cikin shafi biyu babu jimla ɗaya da ta faɗi abin da yake yi wa kamfanin.

Abin da na fara nuna masa shi ne irin amsar da takarda irin wannan ke janyowa a ƙasarmu. Mai dukiya Bahaushe yana da hanya biyu ta fitar da kuɗi ga na ƙasa da shi. Akwai ihsani, wanda ke fita daga aljihunsa saboda tausayi da neman lada, ana yin sa sau ɗaya kuma ba ya zama wajibi. Akwai kuma albashi, wanda ke fita daga asusun kamfani kowane wata, kuma ana auna shi da abin da aikin ke dawowa da shi. Takardar koke tana ƙwanƙwasa ƙofar farko ce. Alhaji, wanda ta bakin shi kansa ɗan nawa mutum ne mai kyauta, zai karanta, ya ji tausayi, ya ce a ba shi buhun shinkafa da naira 20,000 ya kai mahaifiyarsa asibiti, kuma a zuciyarsa ya sauke nauyi. Wanda ya karɓi wannan kyautar ba shi da bakin sake tayar da maganar albashi har tsawon watanni, domin zai zama kamar ya raina alheri. Da na faɗa masa haka sai ya yi shiru, sannan ya ce, "Kawu, bara ma haka aka yi, da baki na yi magana, buhu aka ba ni."

Mun bi hujjojin takardar ɗaya bayan ɗaya, muna tambayar kowace: shin Alhaji zai iya tabbatar da ita da kansa, kuma in ya tabbatar, tana ba shi dalilin ƙara wa wannan ma'aikacin musamman?

Maganar tsadar rayuwa ta ci jarrabawar farko, ta faɗi a ta biyu. Ba wanda zai musa cewa tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar mai ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 a cikin 'yan kwanaki, ko kuma cewa Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ba da hauhawar farashi a kan kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. Sai dai wannan tsadar ta samu ma'aikata 18 ɗin gaba ɗaya, ta kuma samu Alhaji a wajen man dizal da kuɗin wuta da kayan gyaran inji. Idan tsada ce dalilin ƙarin, to ko dai a ƙara wa kowa, ko kada a ƙara wa kowa, kuma mai kamfanin da aka sa a gaban wannan zaɓi ya san wanda ya fi masa sauƙi. Saboda haka ba mu cire maganar ba, amma mun rage ta zuwa jimla ɗaya wadda ke nuna tsawon lokacin da albashin ya tsaya, muka kuma mayar da ita kusa da ƙarshe.

Maganar mafi ƙarancin albashi ita ce ta fi haɗari, domin tana kama da hujja mai ƙarfi alhali ba ta hau kan kamfanin ba. Gaskiya ne cewa a watan Yulin 2024 shugaban ƙasa ya sa hannu a kan dokar da ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000. Amma dokar mafi ƙarancin albashi ta 2019, wadda aka yi wa wannan gyaran, ta keɓe wuraren aikin da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, haka kuma masu aikin wucin gadi na wasu sa'o'i, da waɗanda ake biya da kamasho ko da gwargwadon abin da suka yi, da ma'aikatan ayyukan da ke bin yanayi irin na gona. Kamfani mai ma'aikatan dindindin 18 yana da hanyar cewa dokar ba ta shafe shi ba, kuma manajan da ya san haka zai rushe takardar da magana ɗaya, sauran hujjojin kuma su faɗi tare da ita. Ban da haka, ambaton doka a takardar farko yana jiyuwa kamar share fagen ƙara, kuma yana tsayar da buƙatar a kan 70,000, wato ƙasa da abin da aikin ya cancanta. Mun cire ta baki ɗaya.

Kwatanta kansa da mai tuƙa injin ma mun cire shi, bisa dalili biyu. Na farko, albashin wani sirrinsa ne, kuma tambayar da za ta biyo baya ita ce wa ya faɗa masa, abin da zai jefa mai biyan albashi ko shi mai injin a cikin zargi. Na biyu, aikin ba iri ɗaya ba ne, domin wanda ya iya daidaita inji don kada shinkafa ta yawaita karyewa yana da wuyar samu a ƙauye, kuma Alhaji ya san hakan. Game da masu nemansa a wani wuri kuwa, da na matsa masa sai ya bayyana cewa wani dillali ne ya taɓa ce masa ana neman mutum irinsa a Hadeja, babu sunan kamfani, babu adadin albashi. Barazanar da ba za ka iya cika ta ba tana da sakamako biyu, kuma dukansu ba su da kyau: ko a ce maka Allah ya ba da sa'a, ko a riƙe ka amma a fara neman wanda zai gaje ka a asirce.

Da aka cire waɗannan, takardar ta koma kusan gaisuwa da sa hannu kawai, kuma a nan ne aikin gaske ya fara. Na tambaye shi abin da yake yi yau wanda ba ya yi a ranar da aka yanka masa 60,000. Amsar ta fito da abu biyu da shi kansa bai ɗauke su a matsayin hujja ba, don kuwa a hankali suka hau kansa. A da sito ɗaya yake riƙewa, na shinkafar da aka gama cashewa, aikinsa ya ƙirga abin da ya shiga da abin da ya fita. Da kamfanin ya gina sito na biyu domin shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, shi aka miƙa wa makulli ba tare da an yi maganar kuɗi ba. Bayan haka, da wanda ke karɓar kaya a bakin sikeli ya bar aiki, ba a ɗauki wani ba, sai aka ce ya riƙa tsayawa kafin a samu mutum, kuma har lokacin da muke magana ba a samu ba. Wannan hujja ce da Alhaji zai gani da idonsa, ba ya bukatar ya gaskata kowa.

Amma yawan aiki shi kaɗai bai isa ba, saboda mai kamfani na iya cewa ai lokacin aikin bai ƙaru ba. Abin da ake so shi ne a nuna abin da aikin ya tsare wa kamfanin, da kuɗi. Na ce ya nemo adadi daga littattafan da shi yake rubutawa kuma manaja ke sa wa hannu, kada ya taɓa littafin kuɗi ko wata takardar da ba a ba shi izinin gani ba, domin hujjar da aka samo ta ɓarauniyar hanya tana kashe amanar da ake son a biya shi a kanta. Abin da ya kawo shi ne wannan, an mayar da nauyin zuwa buhu mai kilo 100 tunda buhunan manoma ba su da cika ɗaya. A kakar da ta gabaci tsayuwarsa a bakin sikeli, kamfanin ya sayi buhu 6,000 na shanshera, kuma giɓin da ke tsakanin nauyin da aka biya da nauyin da ya fita daga sito zuwa wurin turarawa ya kai buhu 90, wato kashi ɗaya da rabi cikin ɗari. A kakar da ya tsaya, an sayi buhu 8,000, giɓin kuma buhu 40 ne, wato rabin kashi ɗaya. Da giɓin ya ci gaba a kan ma'auninsa na da, da ya kai buhu 120, saboda haka bambancin buhu 80 ne. A kan naira 45,000 kowane buhu, wanda shi ne matsakaicin farashin da kamfanin ya saya a kakar, wannan ya kama naira miliyan 3 da dubu 600.

Da ya ga adadin sai ya so a sa shi a layin farko na takardar, kuma a nan ne muka fi daɗewa muna jayayya. Na tambaye shi abin da ya canza a kamfanin tsakanin kakar biyu ban da shi. Ya ce Alhaji ya sayi sabon sikeli mai nuna lamba, ya sayi na'urar gwada danshi, ya kuma ɗauki mai gadin dare na biyu. To idan takarda ta ce mai sito ne ya tsare buhu 80, Alhaji, wanda ya biya kuɗin waɗannan abubuwa uku daga aljihunsa, zai ga an ɗauke masa nasa an ba wani, kuma daga lokacin zai karanta sauran takardar da idon mai neman ƙarya. A ganina wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa a wajen waɗanda suka bar koke suka koma hujja: suna tattara duk wani ci gaba da aka samu a zamaninsu su rataya wa kansu. Hujjar da za ta tsaya ita ce wadda aka riga aka cire rabon kowa daga cikinta kafin a kai ta.

Rabon da ke nasa ya fito ne daga maganar danshi, kuma yana da kyau a yi bayaninsa. Shanshera da za a ajiye ana son danshinta ya sauka zuwa kashi 14 cikin ɗari, amma a lokacin girbi ana kawo ta da kashi 20 ko fiye, wani lokaci don manomi yana gaggawar kuɗi, wani lokaci don dillali ya san ruwa ma nauyi ne. A buhu mai kilo 100 da danshin kashi 20, busasshen abin da ke ciki kilo 80 ne. Idan ya bushe zuwa kashi 14, nauyinsa zai koma 80 a raba da 0.86, wato kimanin kilo 93. Kilo 7 ɗin da suka tafi ruwa ne da kamfani ya biya a farashin shinkafa. Na'urar gwada danshi tana nuna lamba ne kawai. Mutum ne zai soka ta a buhunan tsakiyar mota, ba na baki kaɗai da aka shirya masa ba, kuma mutum ne zai tsaya a gaban dillalin da ya girme shi, wanda wataƙila maƙwabcinsu ne a gari, ya ce za a rage kilo 7 a kowane buhu ko a mayar da kayan shanya. A littafin karɓar kaya akwai buhu 600 da ya rubuta an yi wa irin wannan ragin a kakar. Buhu 600 sau kilo 7 ya ba da kilo 4,200, wato buhu 42, wanda kuɗinsu ya kama naira miliyan 1 da dubu 890. Wannan adadin muka ɗauka, muka bar sauran buhu 38 ga sikeli da mai gadi, muka kuma faɗi haka a fili a cikin takardar.

Saura adadin da zai nema. "Duk abin da Allah ya hore" magana ce ta ladabi, amma a takardar albashi tana ɗora wa maigida aikin da ya kamata mai nema ya yi, kuma amsarta kan zama naira 5,000. Na ce ya binciki abin da ake biyan masu irin aikinsa a kamfanonin da ke kusa, ta bakin masu aikin kansu, kuma ya tambayi abin da ke tare da albashin, domin 80,000 da abincin rana da ɗakin kwana ba daidai take da 80,000 tsura ba. Ya samo uku: 80,000, da 85,000, da 100,000. Na ukun a babban kamfani ne inda mai siton ke shigar da lissafi a kwamfuta, abin da shi bai iya ba, saboda haka ba mu jingina da shi ba. Sauran biyun kuwa sito kawai suke riƙewa, ba sa tsayawa a sikeli. Muka tsaya a kan 90,000, wato ƙarin 30,000 a wata, ko 360,000 a shekara. A harshen da Alhaji ke tunani da shi, wannan kuɗin buhu 8 ne na shanshera, a gefen buhu 42 da aka tsare. Ƙarin kashi 50 cikin ɗari yana da nauyi a kunne, kuma da haka aka faɗe shi da wuya ya wuce, amma buhu 8 a gaban buhu 42 lissafi ne da ɗan kasuwa zai yi a tsaye.

Ga gangar jikin takardar kamar yadda ta koma, bayan sallama da gaisuwa ta layi biyu:

"Ranka ya daɗe, ina neman a duba albashina, daga naira 60,000 zuwa naira 90,000 a wata, bisa dalilan da ke tafe. Lokacin da aka yanka mini albashin nan a farkon 2023, siton shinkafa kaɗai nake riƙewa. Yanzu ina riƙe da shi, da siton shanshera, da kuma karɓar kaya a bakin sikeli. A kakar da ta wuce giɓin shanshera ya sauka daga buhu ɗaya da rabi a cikin kowane ɗari zuwa rabin buhu. Wani ɓangare na wannan ya samu ne saboda sabon sikeli da mai gadin da Alhaji ya ƙara. Ɓangaren da ya shafi aikina shi ne buhu 600 da aka rage wa nauyi saboda danshi, wanda ya kai kimanin buhu 42, kuma yana rubuce a littafin karɓar kaya, manaja na iya dubawa. Ƙarin da nake nema a shekara daidai yake da kuɗin buhu 8. Na tambaya a kamfanoni biyu na kusa, masu riƙe sito kaɗai suna karɓar 80,000 zuwa 85,000. Albashina bai canza ba tun kafin tashin farashin mai. Ina jin daɗin aiki a ƙarƙashin Alhaji, kuma burina in ci gaba da shi."

Mai karatu zai lura cewa ladabin bai ragu ba. Abin da ya ragu shi ne tsawo, daga shafi biyu zuwa rabin shafi, kuma adadin da ake nema ya dawo jimlar farko domin Alhaji ya karanta sauran yana sane da abin da ake auna masa. Maganar rashin lafiyar mahaifiyarsa, wadda 'yar'uwata ce kuma ba na wasa da ita, na ce ya kai ta daban a wata rana, da baki, a matsayin neman taimako, don kada a biya ɗaya a ce an biya duka biyun.

Lokacin miƙawa da hanyar miƙawa sun ɗauke mu muhawara kaɗan. Shi ya so ya kai ta a tsakiyar kaka, lokacin da wahalarsa ta fi fitowa fili, amma a wannan lokacin duk kuɗin kamfani yana cikin shanshera, kuma kowace naira da Alhaji ya gani tunaninsa buhu nawa za ta ƙara masa. Ya jira har aka cashe kaso mai yawa aka sayar, aka rufe lissafin kakar, kuma kafin a fara sayen amfanin rani. Ya kuma so ya miƙa wa Alhaji hannu da hannu a ranar da yake zuwa daga birni. Na hana shi tsallake manaja, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: manajan ne Alhaji zai juya ya tambaya ko alƙaluman gaskiya ne, kuma manajan da aka tsallake ba ya rasa abin da zai ce. Sai ya same shi shi kaɗai bayan an tashi aiki, ya ce, "Yallaɓai, ga takardar da nake son kai wa Alhaji, ina so ka fara gani, in akwai abin da ba daidai ba ka nuna mini."

Manajan ya nuna masa kuwa. Da ya buɗe littafin karɓar kaya ya tarar cewa a cikin buhu 600 ɗin, kimanin 100 an rubuta ragin da hannun mai siton kaɗai, babu sa hannun mai kayan ko na mai biyan kuɗi a gefe, saboda haka ba za a iya nuna cewa ragin ya shiga cikin kuɗin da aka biya ba sai an bi rasit ɗaya bayan ɗaya. Nan ne wurin da takardar za ta iya mutuwa, da ɗan nawa ya tsaya gardama. Bai tsaya ba. Ya sake lissafin a kan buhu 500, ya samu kilo 3,500, wato buhu 35, kuɗinsu naira miliyan 1 da dubu 575, ya gyara takardar da wannan adadin. Hujjar ta ragu da buhu 7, amma ta samu abin da ya fi su daraja, wato manajan da ya duba ta da kansa kuma zai iya cewa ya duba.

Alhaji bai ba da 90,000 ba. Bayan kimanin mako biyu ya kira su tare da manajan, ya yi tambaya a kan yadda ake gwada buhunan tsakiyar mota da kuma dillalan da suka fi kawo jiƙaƙƙen kaya, sannan ya yanke 80,000 a matsayin albashi, da alawus na 5,000 a watannin sayen shanshera saboda tsayuwar sikeli, ya kuma ce za a sake dubawa bayan an rufe lissafin noman rani. Dalilin da ya bayar shi ne ƙarin rabin albashi a lokaci ɗaya zai tayar da sauran ma'aikata, kuma wannan dalili ne na gaskiya wanda babu takardar da za ta kawar da shi. Hujja ba ta ƙara wa kamfani kuɗin da ba shi da shi, ba ta kuma sauya halin maigidan da ya ƙudurta ba zai biya ba. Haka nan ba kowane aiki ne ke barin sawu a littafi kamar aikin sito ba, domin mai shara ko mai gadi sai ya nemi tasa hujjar a wani wuri, kamar watannin da aka yi ba a yi sata ba ko aikin mutum biyu da ya koma kansa. A wannan lamarin dai an yi sa'a abubuwa uku sun haɗu: akwai littafi, akwai manajan da ya yarda ya duba, akwai kuma mai kamfanin da ke sauraron lissafi.

Abin da na nace masa a kai bayan haka shi ne kada alƙawarin sake dubawa ya tsaya a baki. Dokar ƙwadago ta ƙasa ta tanadi cewa a ba ma'aikaci rubutaccen bayanin sharuɗɗan aikinsa, har da albashi, cikin wata uku da fara aiki, amma a irin waɗannan kamfanoni ba kasafai ake yi ba, kuma neman hakan da sunan doka zai ɓata abin da aka gyara. Sai ya roƙi manajan ya rubuta sabon albashin, da alawus ɗin, da lokacin sake dubawa a littafin biyan albashi, a gefen sunansa, aka kuma rubuta. Shi kuma daga ranar ya ƙara layi biyu a littafin karɓar kaya, ɗaya na lambar danshin da na'ura ta nuna, ɗaya na sa hannun mai kaya ko dangwalen yatsansa, kuma ba ya barin a sauke motar da aka yi wa ragi sai an cike su. Ya kuma fara zuwa wajen wani matashi mai shagon buga takardu a cikin gari yana koyon shigar da lissafin sito a kwamfuta da yamma, tunda wannan ne ya raba shi da mai karɓar 100,000.